Wasiƙar manaja kan kyamarar cikin mota: wa zai kalli bidiyon kafin a cire wa direba maki?

Habu Direba, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina jan tirela a wani kamfanin sufuri da ke nan Gombe, mafi yawan lodinmu siminti ne da hatsi. A farkon watan nan manajanmu ya raba mana wasiƙa, ya ce kowa ya karanta ya sa hannu kafin wata ya ƙare. Na kwafo muku muhimman wuraren domin in ji shawararku kafin in ɗora hannuna a kanta.

"Zuwa ga dukkan direbobinmu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cewa kamfani ya kammala sanya sababbin na'urori a motocinsa. Kowace mota tana ɗauke da kyamara mai ido biyu, ɗaya yana kallon hanya, ɗaya yana kallon direba, tare da tiraka mai nuna inda mota take, gudun da take yi, da yadda ake taka birki. Babu wanda zai zauna a ofis yana kallonku dare da rana. Abin da zai zo mana shi ne gajeren bidiyo na daƙiƙa 20 a duk lokacin da na'urar ta ga wani abu da ya saɓa wa ƙa'ida. Kowane direba zai fara wata da maki 100. Za a cire maki 2 a kan taka birki da ƙarfi, maki 3 a kan wuce kilomita 60 a awa, maki 5 a kan alamar gyangyaɗi, da maki 10 a kan riƙe waya ana tuƙi. Wanda ya ƙare wata da ƙasa da maki 70 ba zai sami tukuicin ƙarshen wata ba. Rufe kyamara ko cire mata waya babban laifi ne da zai iya kai wa ga sallama. Wajibi ne kowane direba ya huta na minti 30 bayan tuƙin awa huɗu. Watan farko na gwaji ne, ba za a hukunta kowa a cikinsa ba. Manufarmu ita ce ku dawo wa iyalanku lafiya, kuma idan haɗari ya auku mu sami shaidar da za ta wanke ku."

Damuwata ita ce wannan. A tafiya ɗaya tak daga Gombe zuwa Bauchi, tazarar da ba ta wuce kilomita 150 da 'yan kai ba, ina ɗauke da buhu 600 na siminti, na'urar ta rubuta mini birki mai ƙarfi sau uku da gyangyaɗi sau ɗaya. Wato da ba watan gwaji ba ne, da maki 11 sun tafi a wuni guda, kuma tafiya uku irin wannan sun isa su raba ni da tukuicin. Wallahi ban yi barci ba, kuma ban ɗauki kaina mai gangancin tuƙi ba. Shin haka abin yake aiki, ko kuwa tawa ce ke da matsala?

Baba Ɗanjuma, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Habu ɗana, na shekara sama da talatin a kan sitiyari kafin gwiwa ta zaunar da ni, kuma shawarata gare ka ita ce kada ka yi gaggawar sa hannu. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙar nan shi ne a ce za a hukunta mutum saboda ya taka birki. Birki shi ne abu na ƙarshe da ke tsakanin direba da ran bayin Allah, kuma duk ranar da ka sa wa direba tsoron taka shi, to ka sa masa shakka a daidai lokacin da bai kamata ya yi shakka ba. Yaro ya ɓullo da gudu daga bayan motar da ke tsaye, sai direba ya fara lissafin maki biyu? Wanda ya rubuta wannan takarda ina jin bai taɓa sauko da tan 30 daga gangara ba.

Isiyaku, Kumo:
Ni a ganina wannan ba sabon abu ba ne, domin tun a 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, kuma bas ɗin da nake ja tana da ita. Idan ka kai iyakar da aka sa mata sai ka ji totur ya daina amsawa, shi ke nan. Malam Habu, ka je wurin wanda ya saka maka ya daidaita ta, matsalar za ta wuce.

Injiniya Sa'idu, Bauchi:
Malam Isiyaku, ka yi gaskiya a kan shekarar, amma abin da kake magana a kai daban ne da na Malam Habu. Taka tana hana mota wuce wani gudu, ita kuwa tasa ba ta taɓa injin ko kaɗan, aikinta kawai ta gani, ta auna, ta kai rahoto. Sana'ata ke nan, ina saka irin waɗannan na'urori a manyan motoci, don haka bari in ɗan tsawaita.

Na'urar ba ta san dalilin da ya sa aka taka birki ba. Abin da ta sani shi ne saurin da gudun mota ya ragu da shi, kuma akwai iyaka da mai sakawa yake rubuta mata. A manyan motoci ni nakan sa ta kusan kilomita 11 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato idan kana tafiya a kan 55 sai cikin daƙiƙa guda ka koma 43, za ta yi ƙara ta aika bidiyo. Wasu kamfanoni suna sassautawa, wasu suna matsewa, kuma abin da na fara lura da shi a wasiƙar nan shi ne manaja bai faɗi iyakar da aka sa muku ba. An gaya muku hukuncin, ba a gaya muku ma'aunin ba.

Hanya biyu ake auna wannan. Ta farko ita ce ta lura da gudun mota kansa, daga tauraron ɗan adam ko daga kwamfutar motar. Ta biyu kuma wani ɗan ƙaramin ma'auni ne a cikin na'urar da ke jin fizga, gaba ko baya ko gefe. Wannan na biyun shi ne mai yawan yin ƙarya a hanyoyinmu, domin idan ba a ɗaure na'urar tamau ba, ko ba a daidaita ta mota tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri ba, to faɗawa rami ma sai ta lissafa shi a matsayin birki. Malam Habu, ko an nuna maka bidiyoyin nan huɗu? Idan an nuna maka, a ƙasan kowane bidiyo akwai lambar gudu tana canzawa, ka gaya mini abin da ka gani a kowannensu.

Habu Direba, Gombe:
Injiniya, Allah ya saka da alheri. Ba a nuna mini da kansu ba, sai da na roƙi yaron da ke kula da kwamfutar a ofis ya buɗe mini, kuma na rubuta lambobin a takarda. Dukkan na birkin an rubuta musu `Harsh Braking` a sama.

Na farko bayan mun wuce Bara ne, garken shanu ya shigo titi daga hannun dama, makiyayin yaro ne ƙarami yana can baya. Gudun ya sauko daga 56 zuwa 31 a cikin daƙiƙa biyu. Na biyu kafin mu shiga Alƙaleri ne, a wani wuri da kwalta ta ɓare, kuma abin mamaki lambar tana nuna 38 kafin ƙarar, bayanta tana nuna 37, ni kuwa na tabbata ƙafata ba ta je kan birki ba a wurin. Na uku bayan gadar Dindima ne, wata ƙaramar motar haya da ke gabana ta tsaya ɗaukar fasinja ba tare da ta ba da sigina ba, na sauko daga 50 zuwa 22. Na gyangyaɗin kuma wajen ƙarfe biyar da rabi na yamma ne, muna dosar Bauchi rana tana dukan fuskata, na sa baƙin tabarau, sai na ji tana ta ƙara.

Injiniya Sa'idu, Bauchi:
Madalla, da waɗannan lambobin za a iya yin magana. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na shanun birki ne na gaskiya. Ka zubar da kilomita 25 a daƙiƙa biyu, wato 12 da rabi a kowace daƙiƙa, ya wuce iyakar da na ambata, saboda haka na'urar ba ta yi kuskure ba da ta yi ƙara. Amma duk mai hankalin da ya kalli bidiyon zai ga cewa abin da ya dace ka yi ke nan, kuma a tsarin da aka gina da kyau irin wannan bidiyo ana yi masa alamar cewa direba ya kauce wa haɗari, a goge shi daga lissafi.

Na biyun ƙarya ce tsagwaronta. Mota mai ɗauke da tan 30 ba za ta yi birki mai ƙarfi gudunta ya ragu da kilomita ɗaya kacal ba. Wannan ita ce babbar alamar da ake gane ƙaryar ma'aunin fizga: an yi ƙara, hoto ya girgiza, amma lambar gudu tana nan inda take. Ka sa hannu ka ɗan motsa na'urar a jikin gilashi, idan ta yi lilo ko kaɗan to gam ɗinta ya saki, kuma zafin rana irin na watan Maris da Afrilu a yankinmu yana yawan jawo haka. Ka kuma lura, ranar da za ka dawo babu kaya irin wannan ƙarar za ta fi yawa, domin mota marar kaya ta fi tsalle a rami, kuma ɗan birkin da ka saba takawa da lodi yana tsayar da ita da sauri fiye da yadda ka yi niyya.

Na ukun shi ne wanda nake so ka yi haƙuri da ni a kansa. Gaskiya ne mai ƙaramar motar ya yi laifi, amma tambayar da mai dubawa zai yi ita ce tazarar da ke tsakaninku kafin ya tsaya. Ka koma ka kalli bidiyon, ka zaɓi wata alama a gefen hanya, kamar turken wuta ko bishiya, ka ƙirga daƙiƙa nawa ne tsakanin wucewarsa da wucewarka. A gudun kilomita 50 mota tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma birkin iska yana ɗan jinkiri kafin ya kama, ga kuma lokacin da ƙafa ke ɗauka kafin ta bar totur. Idan tazarar daƙiƙa biyu ce, to mita 28 ne kawai a hannunka, kuma mafi yawansu sun tafi kafin taya ta fara riƙewa. Tirela mai kaya tana buƙatar aƙalla ninkin wannan.

Habu Direba, Gombe:
Na koma ofis na sake kallo kamar yadda ka ce, Injiniya, na ƙirga da turken wuta, kuma tazarar ba ta kai daƙiƙa biyu da rabi ba. Wannan na karɓa, kuskurena ne, ko da yake kowa a nan ya san cewa idan ka bar fili mai yawa a gabanka nan take wata mota za ta shigo ta cike shi.

Hajiya Rabi, Gombe:
Ni ba direba ba ce, amma ina da motoci biyu da marigayi maigidana ya bari, kuma ina so a ji ta bakin masu mota ma. Shekara biyu da suka wuce ɗaya daga cikin motocin ta yi karo da mai babur a hanyar Kaltungo, direbana ya rantse cewa mutumin ne ya shigo masa ba zato, amma babu mai shaida, jama'ar wurin kuma duk suka ɗora wa babbar mota laifi kamar yadda aka saba. Motar ta yi makonni a tsare, na biya kuɗin asibiti, yaron nan kuma ya kwana a rufe. Da akwai kyamara a lokacin da magana ta ƙare a wuni ɗaya. Saboda haka ni ina goyon bayan manajan ɗari bisa ɗari, kuma a ganina na'ura ba ta da son kai, ba ta san ɗan wane ba, abin da ta rubuta shi ne abin da ya faru. Wanda yake tuƙi tsakani da Allah ba shi da abin tsoro.

Baba Ɗanjuma, Bauchi:
Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta. Maganarki a kan kyamarar da ke kallon hanya babu mai musunta ta, ni kaina da na same ta a zamanina da na yi murna. Amma ki duba lissafin da aka yi yanzu a gabanmu: cikin birki uku da na'urar ta rubuta wa Habu, ɗaya ne kawai yake da alhaki a kai, ɗaya ceton dabbobi da yaro ya yi, ɗaya kuma bai ma faru ba. To ta yaya za a ce abin da ta rubuta shi ne abin da ya faru?

Injiniya Sa'idu, Bauchi:
Hajiya tana da gaskiya cewa na'urar ba ta da son kai, sai dai rashin son kai bai hana ta kuskure ba, kuma batun gyangyaɗin ma misali ne. Idon da ke kallon direba yana amfani da wani haske da idon mutum ba ya gani, shi ya sa take iya ganin fuska ko da dare ba tare da ta kashe wa direba ido ba. Tana bin fatar ido ne, ƙiftawa ta yau da kullum ba ta kai rabin daƙiƙa ba, amma idan ido ya rufe kusan daƙiƙa biyu sai ta yi ƙara. Wani baƙin tabarau yana barin wannan haske ya wuce, wani kuma yana tare shi ko ya mayar da shi, sai ta kasa ganin idon. Haka nan mutumin da ya kanne ido saboda rana, ko wanda ya sauko da hula ta rufe masa gira, ko kuma idan an saita kyamarar da tsayin wani direba sai wani ya karɓi motar. Duk wanda ya bi hanyar Gombe zuwa Bauchi da yamma ya san yamma ake dosa, rana tana cikin ido har ta faɗi.

Hanyar ganewa a bidiyo ba ta da wuya. Mai gyangyaɗi na gaskiya kansa yana sunkuyawa a hankali sannan ya zabura, hannunsa yana sakin sitiyari, kuma a idon da ke kallon hanya za ka ga mota tana zamewa gefe. Wanda rana ta dama kuwa kansa a tsaye yake, mota tana kan layinta.

Amma ina roƙon direbobi kada su raina wannan ƙarar gaba ɗaya saboda ta taɓa yin ƙarya. Na sha nuna wa direba bidiyonsa idonsa a rufe na daƙiƙa uku, bayan ya gama rantsuwa cewa bai runtsa ba, kuma ba ƙarya yake yi ba, irin wannan barcin mai shi ba ya sanin ya yi shi. Daƙiƙa uku a gudun 50 mita 42 ne, fiye da tsayin tirela biyu, mota tana tafiya babu mai kallon hanya.

Malama Hauwa, Bauchi:
Ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wata ma'aikata mai zaman kanta, kuma ko da yake ni ba lauya ba ce, irin wannan takarda tana biyowa ta teburina. Malam Habu, akwai dokoki biyu da ya kamata ku sani kafin ku zauna da manaja.

Ta farko ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023. Hoton fuskarka, muryarka da wuraren da ka bi duk bayananka ne a ƙarƙashin wannan doka. Ba ta hana kamfani sa kyamara a motarsa ba, amma ta wajabta masa ya gaya maka abin da yake tarawa, dalilin tarawar, wanda zai gani, da tsawon lokacin da za a ajiye, kuma kana da haƙƙin neman ganin abin da aka tara a kanka. Wato kallon bidiyon da ka yi ta hanyar roƙon yaron ofis ba alfarma ba ce. Sashe na 37 na dokar kuma ya yi magana a kan hukuncin da ke shafar mutum sosai wanda na'ura ce kaɗai ta yanke shi, ya ba mutum damar neman ɗan adam ya duba, ya faɗi ta bakinsa, ya kuma ƙalubalanci hukuncin.

Ta biyu ita ce Dokar Ƙwadago, wadda sashenta na 5 ya hana mai aiki yankar albashin ma'aikaci da sunan tara, sai dai a kan asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko sakaci, wannan ma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Ina jin shi ya sa manajanku ya yi magana a kan tukuici bai ce albashi ba. Abin tambaya shi ne, wannan tukuicin sabon abu ne da aka ƙirƙiro tare da kyamarar, ko kuwa dama kuna karɓarsa a matsayin wani ɓangare na haƙƙinku?

Habu Direba, Gombe:
Malama, dama muna karɓarsa tun kafin zuwan kyamara, duk wanda ya yi wata bai yi haɗari ba kuma kayansa suka isa cif ana ba shi. Sai dai ba a rubuce yake a takardar ɗaukar aikina ba.

Malama Hauwa, Bauchi:
To a nan ne maganar take da sarƙaƙiya, domin wani zai ce kyauta ce mai ita yana da ikon sa mata sharaɗi, wani kuma zai ce abin da aka daɗe ana biya a kai a kai ya zama cikin yarjejeniya. Wannan sai ku kai wa lauya ko shugabannin ƙungiyarku. Abin da ya fi sauƙi kuma ya fi amfani shi ne ku nemi a ƙara jimla ɗaya a wasiƙar, cewa ba za a cire wa direba maki ba sai wani mutum da aka ambaci muƙaminsa ya kalli bidiyon, an sanar da direban cikin kwanaki kaɗan tun abin yana sabo a ransa, kuma an ji bayaninsa.

Injiniya Sa'idu, Bauchi:
Ina ƙara abu ɗaya a kan na Malama, kuma shi ne aibin da na fi gani a lissafin wasiƙar. Ana cire maki ne a kan adadin ƙara ba tare da duba nisan da mutum ya yi ba. A ɗauki direba biyu: ɗaya ya yi kilomita 4,000 a wata yana zirga-zirga har Kano da Yola, aka tabbatar masa da birki takwas, ɗayan ya yi kilomita 1,000 kacal aka tabbatar masa da biyar. A lissafin manaja na farkon ya rasa maki 16, na biyun ya rasa 10, sai a ce na biyun ya fi iya tuƙi. Amma idan ka raba da nisa, na farkon birki biyu yake yi a kowace kilomita 1,000, na biyun kuwa biyar. Manhajojin da na yi aiki da su suna iya yin wannan rabon da kansu, saiti ne kawai ake canzawa. Idan aka bar shi yadda yake, wanda ya fi kowa wahala a hanya shi ne zai riƙa rasa tukuici.

Isiyaku, Kumo:
Na fahimci bambancin yanzu, na gode. Amma ina da tambaya a kan 60 ɗin da aka rubuta, domin a ƙa'idar hanya da aka koya mana, tirela da tanka 60 iyakarsu ce a babban titi mai hannu biyu a rabe, a hanyar da ake gaba da gaba kuwa 50 ce, cikin gari 45. Idan haka ne, ashe Malam Habu da yake kan 56 a Bara ya riga ya wuce ta hukuma ko da bai wuce ta kamfani ba?

Injiniya Sa'idu, Bauchi:
Haka ƙa'idar take, Malam Isiyaku, kuma tambayarka tana da nauyi. Ranar da aka yi haɗari aka miƙa wa hukuma bidiyon, lambar gudun tana jikinsa, kuma ba wasiƙar manaja za a duba ba. Bidiyon da zai wanke direba a kan shanu shi ne kuma zai nuna 56. Ya kamata direbobi su san da wannan tun yanzu.

Baba Ɗanjuma, Bauchi:
To a nan nake so manaja ya amsa wata tambaya da wasiƙarsa ta tsallake. Idan direba ya tsaya a kan 50, ya huta minti 30 bayan awa huɗu, ya kuma faka ya kwanta duk lokacin da na'ura ta ce yana gyangyaɗi, shin ofis zai daina kiransa a waya yana tambayar me ya sa kaya ba su isa ba? Domin barcin direba ba a kan hanya yake farawa ba, yana farawa ne a layin lodi, inda mutum zai wuni ya kwana yana jiran a kira lambarsa, a gama masa lodi da tsakar dare a ce da safe ake jiransa. Kuma wanda zai kira shi a waya yana tuƙi shi ne dai ofishin da zai cire masa maki 10 idan ya ɗauka.

Sannan akwai maganar kwana. Kan mota shi ne ɗakin direba, a nan yake canza kaya, a nan yake waya da iyalinsa, a nan yake kwanciya shi da yaron motarsa. Injiniya, idan an kashe mota wannan idon yana rufewa ko kuwa? Kuma yana jin magana?

Injiniya Sa'idu, Bauchi:
Baba, duka biyun saiti ne, kuma kamfani ne ke zaɓa. Akwai waɗanda nake saita wa ta mutu mintuna kaɗan bayan an zare makulli, akwai masu cewa a bar ta saboda ɓarayin kaya da na mai, kuma ana iya barin idon waje a kunne a kashe na ciki. Mafi yawansu suna da abin ɗaukar murya, wanda shi ma ana iya kashe shi. Akwai kuma abin da wasiƙar ba ta fayyace ba: gaskiya ne gajeren bidiyo ne ke tafiya ofis da kansa, amma mimorin da ke cikin na'urar yana ɗaukar komai muddin tana kunne, sabo yana goge tsoho bayan wasu kwanaki, kuma a yawancinsu ofis yana iya janyo kowane lokaci da yake so ko ya leƙa kai tsaye idan akwai sabis. Ban ce manajan yana da niyyar yin haka ba, amma ikon yana nan, saboda haka a rubuta wanda aka yarda ya yi da kuma dalilin da zai sa a yi.

Hajiya Rabi, Gombe:
Na yarda a kashe murya, na kuma yarda mutum ya duba bidiyo kafin a hukunta direba, domin ban san tana ƙarya a rami ba sai yau. Amma maganar kashe idon ciki da dare ban gamsu ba tukuna, saboda abin da na fi yin asara a kai, ɗaukar fasinja da kayan da ba nawa ba, duk a tsaye ake shirya shi, ba a kan tafiya ba.

Baba Ɗanjuma, Bauchi:
Hajiya, tirakar tana nuna miki inda motar ta tsaya da tsawon tsayuwarta, idon waje kuma yana nan. Abin da ya rage a ciki mutum ne a kwance da singileti, kuma ban ga abin da kallonsa zai ƙara miki ba.

Habu Direba, Gombe:
Na gode muku baki ɗaya. Na duba na'urar tawa yau da safe kamar yadda Injiniya ya ce, kuma lallai gefe ɗaya na gam ɗin ya ɗaga, na nuna wa bakaniken kamfani ya ce zai kira masu sakawa. Mun yi magana da direbobi tara a gareji, mun amince ba za mu ƙi kyamarar ba, amma za mu rubuta wa manaja kafin mu sa hannu, mu nemi ya gaya mana iyakar birkin da aka saita, a riƙa duba bidiyo tare da direba kafin cire maki, a raba lissafin da nisan tafiya, a kuma fayyace maganar murya da lokacin kwana. Biyu daga cikinmu sun riga sun sa hannu tun makon jiya, suna tambaya ko hakan ya rufe musu ƙofar yin magana. Malama Hauwa, ko za ki taimaka mana da wannan, kuma ki duba mana takardar idan na turo miki ita gobe bayan na sauke kaya a Bauchi?